Bitar bayan darasi: Lissafi, aji B4 wato aji huɗu na firamare, kwatanta kashi

Makaranta: firamaren Islamiyya, Aboabo, Kumasi
Rana: Talata, mako na 6, tam na biyu
Lokaci: firiyod biyu, minti 60
Yara: 47 suka zo cikin 52

Abin da filan ya ce
Yaro ya kalli 1/2, 1/4 da 1/8 ya faɗi wanne ya fi girma, ya kuma faɗi dalili da bakinsa. Minti 10 na share fage, 40 na ninke takarda a gurup, 10 na tambayar fita, yadda tsarin 2019 na NaCCA, hukumar tsara manhaja ta Ghana, ya raba darasi gida uku.

Abin da ya faru
Share fage ya tafi lafiya lau, rabin burodi kowa ya sani. Wajen ninke takarda ne aka samu cikas, takardun da ke kabad ba girmansu ɗaya ba, wasu tsofaffin takardun jarrabawa wasu kuma an yago daga littafin rubutu, to gurup na kusa da taga suka ɗora rabin ƙaramar takarda kan kwatan babbar suka ga kwatan ya fi faɗi, suka ɗaga hannu da murnarsu wai madam ga shi 1/4 ya fi 1/2. Kuma wallahi abin da idonsu ya gani ke nan, ba shirme suka yi ba. Filan bai rubuta ko'ina cewa abin da ake rabawa sai ya zama iri ɗaya ba, alhali duk darasin a kan wannan yake tsaye. Sasanta wannan ya ci mana wajen minti 15, tambayar fita a tsaitsaye aka yi ta ana buga ƙararrawa.

Tambayar: 1/4 da 1/8 wanne ya fi? 19 sun ci, 28 sun zaɓi 1/8. Na tsayar da kaɗan a bakin ƙofa, amsarsu ɗaya, ai 8 ya fi 4. Tun ajin farko muke koya musu babbar lamba ita ce mai yawa, yanzu rana ɗaya mun juya musu magana, ban ga laifinsu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai
Yarinyar benci na baya, wadda ba ta cika magana ba, tana taya mamanta sayar da koko da ƙosai da safe. Ta matso ta ce, madam kamar canji ne ko, fesuwa 50 guda biyu sidi ɗaya, fesuwa 20 sai guda biyar, fesuwa 10 kuma sai ka tara goma, wanda ake tarawa da yawa shi ne ƙarami. Ta gama darasin nan kaf a jimla ɗaya. Sidi ba ya canza girma, babu babba babu ƙarami, matsalar takardar ma ba ta taso ba, kuma duk yaron Zango da ake aika sayen ruwan leda ya san fesuwa 10 ba ta kai 50 ba. Da Hausa ta faɗa, da na ce ta maimaita da Turanci sai ta sunkuyar da kai. B4 ne shekararsu ta farko da komai ya koma Turanci, shi ya sa ina ganin cikin 28 ɗin nan akwai masu ganewa da yare ya riƙe.

Gyaran filan na gaba
A buɗe da silalla, ba takarda ba: 1/2, 1/5, 1/10 na sidi, minti 10, kowane gurup da canjinsa a murfin gwangwani, a ƙirga kafin da bayan darasi. Sai ninke takarda minti 20, duk A4, zan yanka tun daren Laraba, kuma kafin a ninke kowa ya ɗora tasa kan ta maƙwabcinsa ya tabbatar daidai suke. Minti 20 na kwatantawa, yaro ya fara bayani da Hausa ko Tiwi sannan mu mayar Turanci tare a allo. Minti 10 na ƙarshe kar a taɓa shi ko me ya faru. Tambayar fita ta koma 1/3 da 1/6, don kar a haddace ta yau. 1/8 ya jira sai sati mai zuwa.

Biyar ɗin da ba su zo ba da waɗanda suka kasa, zan zauna da su lokacin hutun ƙarfe goma ranar Laraba.

Malam na B4 ɗaya ajin, don Allah kar ka shiga da tsohon filan ranar Alhamis, ga sabon na ajiye a teburin Hajiya hedimistires. In kana da silallan fesuwa 20 ka taimaka mini da su, na gidana ba za su isa gurup takwas ba. Zan kawo takardun amsar yaran taron PLC, zaman da malamai ke yi don ƙara wa juna sani, mu duba tare in sha Allahu.