Bayanin Kaina Don Neman Gurbin Digiri na Biyu a Fannin Jinyar Marasa Lafiya Masu Tsanani

Zuwa ga kwamitin tantance ɗalibai,

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 7 ina aiki. Uku na farko na yi su a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, sauran huɗun a sashen kulawa ta musamman mai gado 8. Abin da ya kai ni sashen, kuma yake kawo ni gabanku yanzu, ya faro ne wani dare ina aikin kwana.

Wata baiwar Allah ce aka yi wa aikin hanji, tana kwana na biyu. Awon jininta 110 bisa 70, na'ura ba ta yi ƙara ba. Amma numfashinta ya tashi daga 18 zuwa 26 a minti, fitsarin da ya taru a jaka cikin awa guda bai wuce mililita 15 ba, alhali mai nauyin kilo 60 ya kamata ta ba da akalla 30. Yatsunta sun yi sanyi, tana ta tsintar zanin gado kamar mai neman allura. Na kira likita, ya tambaye ni me na gani. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Likita, jikina dai bai ba ni ba." Sai da jininta ya faɗi bayan awa biyu aka gane ɗinkin ne ya buɗe, ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Aka sa mata noradirinalin, maganin ɗaga awon jini, aka mayar da ita tiyata. Ta yi kwana 9 a kan na'urar numfashi, Allah ya tashi kafaɗunta.

Har yau ina tuna awa biyun nan. Duk alamun suna rubuce a takardata da hannuna, amma ban iya haɗa su na faɗe su yadda za a tashi tsaye ba. Ban san cewa jiki kan matse jijiyoyinsa ya riƙe awon jini har sai ƙarfinsa ya ƙare ba, balle in nemi a auna laktet, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan sassan jiki ba sa samun isasshiyar iska.

Tun da na koma sashen kulawa ta musamman hannuna ya faɗa da aikin. Ina kula da mai bututun numfashi, in zuƙe majina, in wanke baki, in ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 don kare huhu daga kamuwa da cuta. Ina auna hayyacin majinyaci da ma'aunin Gilasgo, daga 3 zuwa 15. A lokacin korona ina cikin masu kifa marasa lafiya rub da ciki na awa 16, mutum biyar a kan gado ɗaya, ɗaya na riƙe da kai da bututu. Yanzu ni ke jagorantar aikin kwana, ni ke kuma karɓar sababbin ma'aikata. A nan ne nake ganin iyakata. Idan ƙaramar ma'aikaciya ta tambaye ni dalilin da ya sa aka canja saitin na'ura bayan sakamakon iskar jini ya fito, sau da yawa abin da na saba gani nake faɗa mata. Ina so in riƙa ba ta dalili.

Shi ya sa darussan aikin zuciya da huhu, sarrafa magunguna masu riƙe awon jini, da hanyoyin bincike suka fi jan hankalina a wannan shiri. Tarihin fannin ma yana ƙarfafa mini gwiwa. A annobar shan inna ta 1952 a Kofanhegan, Dokta Bjørn Ibsen ya sa ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana, mace-mace suka ragu ƙwarai. Mutum a bakin gado, idonsa a kan majinyaci: daga nan aikinmu ya samo asali.

Binciken da nake son yi ya shafi awannin da ke gaban shigowar majinyaci sashenmu. Ƙidayar numfashi ita ce alamar da ke saurin canjawa, ita ce kuma aka fi rubutawa da ka, ba tare da an tsaya an ƙirga minti guda cikakke ba. Ina so in duba yadda ake rubuta ta a ɗakunan tiyata, da tsawon lokacin da ake ɗauka tsakanin canjawarta da kiran likita, sannan in gwada ko gajeren horo kan yadda ake kai rahoto zai rage wannan jinkiri.

Asibitin da nake aiki ya amince mini da hutun karatu, bisa sharaɗin in dawo in tsara horo ga ma'aikatan jinya na ɗakunan tiyata. Da masu aikin kwana zan fara, domin su ne ke tsaye su kaɗai da ƙarfe uku na dare. Ina roƙon ku ba ni wannan gurbi.

Na gode.