Aikin Hajiya Mai Tuwo

Sadiku ya yi sati biyu bai buɗe gwangwanin fenti ba, har na jan ya yi ɓawo a sama. Rumfarsa na nan a Fagge, ƴar ƙarama, burushi goma sha ɗaya a cikin gwangwanin madara sai kwalbar kananzir ta wankin hannu. Shekara shida kenan yana rubuta sambodi, shagon aski, kemis, mai shayi, bayan adaidaita sahu, duk wanda ke son a ga sunansa daga nesa wajensa yake zuwa.

Bala mai aski ne ya fara karya masa gwiwa. Sun gama ciniki dubu goma sha takwas, kawuna huɗu da rubutu, kawai ranar da za a fara sai ga Bala da waya a hannu wai ƙaninsa ya haɗa masa hoto da wata manhaja, ka rubuta abin da kake so ta zana maka kafin ka ƙifta ido, kuma ya riga ya kai Sabon Gari an buga masa a fuleks.

"Kar ka ji haushi abokina, wallahi sauƙi na bi."

Sadiku yace ba komai, Allah ya sa alheri. Da dare ya sayi data ya gwada da kansa, ya rubuta mai shayi da asuba, ya zauna yana fatan abin ya fito a karkace. Ina! Tururi na tashi daga kofi, hasken fitila a gefen fuskar mutumin, irin inuwar da shi sai ya ɓata wuni bai samo ta ba. Ya kife wayar a kan tabarma, barci kuwa sai ɓarawo.

Washegari ya tafi wajen ogansa Malam Ado, wanda ya koya masa riƙon burushi, yanzu idonsa ya yi rauni sai dai zama a ƙofar gida da rediyo.

"Malam sana'ar nan ta mutu fa."

"Ta mutu sau nawa? Lokacin da injin fuleks ya shigo garin nan mu takwas ne a layinmu, muka koma biyu."

"To ai kaga."

"Na gani mana. Shidan ba su dawo ba, ba zan maka ƙarya ba." Ya ƙara muryar rediyonsa, maganar kenan.

Kwana uku bayan haka Hajiya mai tuwo ta aiko yaro a kira shi. Sabon wuri ta kama, bangon bulo ne dogo da ko filasta mai kyau ba a yi masa ba, ga murhu uku a gindinsa. Ta ce ta taɓa rataya fuleks a tsohon wurinta, hayaƙi da rana suka cinye shi kafin shekara ta zagayo, iskar farkon damina ta ƙarasa sauran. Sadiku har ya fara murmushi sai ta miƙo masa waya.

"Wannan nake so, jikana ne ya haɗa min. Ka kwafe shi a bango."

Hoton ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai tuwon fari ne sol a faranti mai ƙyalli, miyar kamar ta tumatirin gwangwani, ga cokali mai yatsu a gefe, rubutun sama kuma ba Hausa ba ba Turanci ba.

"Hajiya wa yake cin tuwo da wannan?"

"Kai dai cire shi. Miyar ma ka mayar da ita kuka, man shanu na yawo a kai. Nawa?"

Yace dubu talatin. Ta ce haba ɗan nan, zanen fa an riga an yi maka, kai shafawa kawai za ka yi. Maganar ta soke shi amma aljihu ba ya fushi, aka tsaya a ashirin da biyu da abincin rana.

Kwana biyu yana kan tsani, wayar a aljihun gaba, yana ciro ta yana duba yadda haske ya faɗo a kan malmalar, abin da bai so ya yarda ba shi ne yana koyon wani abu a ciki. Kore ya haɗa da ɗan baƙi da ruwan ƙasa har kukar ta fito, farantin kuma ya mayar da shi kwanon silba irin nata, har da lotsewar gefen. Wani ɗan adaidaita da ke cin abinci ya ɗaga kai yace kai, wannan ai kwanon da ke hannuna ne.

Da la'asar ya sauko ƙasan bangon zai sa sunansa kamar yadda ya saba, sai jikan Hajiya ya matso, yaro ɗan sakandare.

"Yaya, ai ni na yi hoton."

Sadiku ya tsaya da burushi a hannu, ya kalli bangon ya kalli yaron.

"Ya sunanka?"

"Mubarak."

"Riƙe min gwangwanin nan tukuna, kar ka zubar."