Jawabin Manajan Tallace-tallace na Shiyya Kan Sakamakon Wata Uku

Barkanmu da safiya, abokan aiki. Na gode da kuka ajiye zirga-zirgar yau kuka zo.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Daga Yuli zuwa Satumba an ɗora mana sayar da katan 40,000, muka sayar da 33,200. Kashi 83 cikin ɗari ke nan. Kun san ƙa'ida, sai an kai kashi 90 ake biyan alawus ɗin ƙwazo, don haka wannan karon babu shi. Kamashon kowa yana nan yadda yake. Na san wasunku sun sa rai, har sun yi lissafi da kuɗin, shi ya sa na fi so ku ji daga bakina.

Yankewar kaya ta mako uku a Agusta ta ci mana kusan katan 2,000. Wannan ba laifinku ba ne, kuma na faɗa wa hedikwata haka.

Sauran 4,800 ɗin su suka hana ni barci. Da na buɗe littafin oda, sai na ga tsofaffin dilolinmu 46 ba su sayi ko katan ɗaya ba tun Yuli. Ni ne a Yuni na ce ku karkata wajen neman sababbin kwastomomi. Kun bi umarni, kun kawo 58, amma sabon ciniki da kaɗan-kaɗan yake farawa. Muna can, na hannu suka suɓuce. Kuskuren nawa ne.

Makon jiya na je wurin ɗaya daga cikinsu, mutumin da muka shekara shida muna hulɗa da shi. Kantar da kayanmu suke zama, kayan wani kamfani ne jere a kai. Bai yi ƙorafin farashi ba, bai kushe kaya ba. Cewa ya yi, "Manaja, wata biyu ban ga ƙeyar kowa daga wajenku ba." Kafin in tashi ya ba da odar katan 60.

To, irinsa 45 suna nan. Sun san kayanmu, sun san fuskokinku, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Kuma ku da kuka shawo kan baƙi 58 a lokacin da sito ya yi wayam, dawo da wanda kuka saba da shi ba zai gagare ku ba.

Kowa zai karɓi sunayen dilolin yankinsa yanzu. A je ƙafa da ƙafa, ban da waya, kafin ƙarshen mako biyu. Wanda ya yi fushi, ku saurare shi har ya gama, ku rubuto mini abin da ya ce. Goma mafi wuya ni zan raka ku. Za mu tashi Litinin da ƙarfe takwas.