Takardar Soke Rajista da Neman a Mayar da Kuɗi

Sabon Gari, Zariya,
Jihar Kaduna.
6 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga Manaja,
Gidan Motsa Jiki,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in sanar da ku cewa na soke rajistata mai lamba 0417, kuma na janye izinin da na ba ku na cire naira 25,000 daga asusuna na banki a ranar ɗaya ga kowane wata. Dalili shi ne an yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Zariya, don haka ba ni da halin ci gaba da zuwa.

Wannan ba shi ne karo na farko da na sanar da ku ba. A ranar 16 ga Afrilu na zo da kaina na shaida wa ma'aikacin da ke karɓar baƙi, ya rubuta sunana da lambata a littafinsu, na miƙa masa makullin akwatin ajiye kaya, ya kuma tabbatar mini cewa ba za a sake taɓa asusuna ba. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta wata-wata ce, kuma sanarwar kwana bakwai kawai ta nema, ni kuwa na ba da ta mako biyu. Duk da haka, a ranar 1 ga Mayu banki ya turo mini saƙo cewa kun cire naira 25,000 na watan Mayu, alhali rabona da shiga gidan tun ranar da na mayar da makullin, kamar yadda littafin shiga da fita zai nuna muku.

Saboda haka ina neman ku dakatar da cire kuɗin nan take, sannan ku mayar mini da wannan naira 25,000 cikin asusun da aka ciro ta kafin ranar 20 ga Mayu. Ba na buƙatar a ajiye mini ita a matsayin kuɗin wani wata, domin ba dawowa zan yi ba. Haka kuma ina so ku goge bayanan katina na banki daga na'urarku, bisa 'yancin da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ni, ku kuma aiko mini da amsa a rubuce cewa an yi hakan.

Na ji daɗin zamana da ku, musamman yadda masu horarwa suka kula da ni, shi ya sa na fi so mu warware maganar a tsakaninmu. Amma idan wa'adin ya cika ba a mayar da kuɗin ba, zan kai ƙorafi bankina da kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC.

Na haɗo da kwafin yarjejeniyar da na saƙon bankin.

Na gode. Ka huta lafiya.

Naku,
Mai rajista lamba 0417