Sabon shagon kayan masarufi a Rijiyar Zaki: muna buɗewa Asabar, 6 ga Disamba

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana mutanen Rijiyar Zaki da kewaye.

Masu tambayata me ake gyarawa a shagon nan mai ƙofa ruwan bula da aka yi wata biyu ana bugun katako a ciki, to ga amsa. In Allah ya yarda, ranar Asabar 6 ga Disamba za mu buɗe Shagon Kwano Cike, shagon hatsi da kayan masarufi. Za a yi addu'a da ƙarfe 9 na safe, ana shafawa ciniki ya fara. Akwai dabino da ruwan sanyi ga duk wanda ya zo, ko da bai sayi komai ba.

Bari in yi kwatance dalla-dalla, don kada wani ya yi ta zagaye a rana. In ka taso daga Kabuga a kan titin Gwarzo, kamar za ka sabuwar Jami'ar Bayero, ka ce wa mai adaidaita ya sauke ka a Rijiyar Zaki, bakin layin da masu lemo da kankana suke zama, a hannun dama. Ka shiga layin ka miƙe. Za ka wuce tiransifoma, ka wuce ƙaramin masallaci mai koren fenti, sai ka ga injin markaɗe. Shagonmu ne yake kallon injin, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, da allo a sama an rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Daga bakin titi zuwa ƙofarmu tafiyar minti 4 ce a ƙafa. Mai mota ma zai shigo, akwai wurin da mota biyu za su tsaya ba tare da an tare wa maƙwabta ƙofa ba.

Kullum muna buɗewa ƙarfe 7 na safe, mu rufe ƙarfe 10 na dare, har da Lahadi. Da an kira salla muna sakaya ƙofa na kamar minti 15, to in ka tarar a sakaye, ka zauna a benci, yanzu za mu dawo. Ranar Juma'a muna rufewa daga 12:30 zuwa 3 na rana. Na zaɓi ƙarfe 7 ɗin nan da gangan saboda iyaye mata masu shirin yaran makaranta, waɗanda sai an dora ruwan shayi ake tunawa sukari ya ƙare. Kafin wannan lokacin, burodi ya iso, ƙwai yana nan.

Abin da muke da shi: shinkafa 'yar gida da aka tsince, wake fari, gero, dawa, masara, garin kwaki, fulawa da sukari, a buhu ko a kwano ko rabin kwano, har gwangwani ga mai buƙatar kaɗan. Akwai taliya da makaroni, man gyaɗa da manja, tumatirin leda, dunƙule, gishiri, madara, ganyen shayi, sabulun wanka da na wanki, ashana, batir, da man shafawa, tunda ga hunturu ya fara fasa wa mutane leɓe. Kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa kuwa, yayata ce take haɗa su a gida, ta tankaɗe ta ɗaure, ba ƙasa ba tsakuwa. Hatsin daga Dawanau nake ɗauko shi da kaina, kayan kwali kuma daga kasuwar Singa. Firizarmu tana kan sola, saboda haka ko an kwana biyu ba wuta za ka sami ruwa da lemo mai sanyi.

Na san unguwar nan ba ta rasa shaguna ba, kuma masu su 'yan uwana ne, wasu ma a wurinsu na nemi shawara. Dalilin da zai sa ku gwada mu shi ne sunan da ke kan allo. Na yi shekara 11 ina yaron shago a Singa kafin Allah ya hore mini wannan, kuma a cikin shekarun nan na ji koke iri ɗaya daga bakin mata ya fi a ƙirga: an aiki yaro ya sayo kwanon shinkafa, an kawo, an juye a kwanon gida, sai ga shi ya rage kusan gwangwani guda. Wani lokacin an bubbuge gindin kwanon awon ne ya lotsa ciki, wani lokacin hannu ne yake share tozon kafin a juye. A wurinmu kwanon yana kan tebur, ka ɗauka ka juya ka duba gindinsa. Kana so ka auna da hannunka, bismillah. Hajiya, in kin fi yarda da kwanonki na gida, ki ba yaro ya zo da shi, da shi za mu auna. Akwai sikeli kuma ga mai son kilo.

Farashi a rubuce yake a jikin allo a bakin ƙofa, kuma kuɗin da Alhaji zai biya shi ɗan aike mai shekara 7 zai biya. Duk yaron da aka aiko, za mu rubuta masa abin da ya saya da canjinsa a 'yar takarda ya kai gida, don a huta da rigimar "Naira ɗari biyun nan ina ta shiga". In kasuwa ta tashi zan gyara allo, ba zan ɓoye muku ba. In ta sauka ma zan gyara a ranar, wanda shi ne aka fi mantawa.

Na ranar buɗewa: mutum 50 na farko da suka yi sayayyar Naira 5,000 zuwa sama za su tafi da sabulun wanki kyauta. Sannan daga Asabar ɗin har zuwa Juma'a 12 ga wata, mun rage Naira 200 a kan kowane kwanon shinkafa, wake da sukari. Kwano 5 ne iyakar mutum ɗaya a rana, don ragin ya zagaya gidaje, kada mai sari ya kwashe.

Muna karɓar tsabar kuɗi, muna karɓar tiransifa, akwai kuma injin kati. Wanda ya sayi rabin buhu zuwa sama, ƙanina zai kai masa har ƙofar gida a baro, in dai cikin unguwa ne, ba ko sisi. Matan da ba sa fita su rubuto abin da suke so a takarda, ko su turo saƙo a nan, za a haɗa a kawo, a biya in kaya ya iso.

Sai maganar da kowa yake jira, bashi. Jama'a ku yi mini afuwa, wata ukun farko babu littafi. Jarin jariri ne, ko zama bai fara ba, kuma rabinsa ma na adashin uwargida ne, ita ce za ta tuhume ni. In shago ya tsaya da ƙafarsa, za mu zauna mu yi magana.

In akwai abin da kuke sha wahalar nema sai kun fita titi, ku faɗa mini, duk Litinin nake shiga kasuwa, zan taho da shi. Wata baiwar Allah ta riga ta ce in kawo garin alkama, na rubuta.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta. Iyayenmu dattawan layi, muna roƙon ku zo ku sa mana albarka. Asabar 6 ga Disamba, ƙarfe 9 na safe, kallon injin markaɗe, ƙofa ruwan bula. Allah ya kai mu da rai da lafiya.