Wardin Iya

Iya ta jima a kwance da ciwon gwiwa. Ranar da ta fara fitowa tsakar gida tana dogara sanda, idonta ya sauka a kan tukunyar wardin can kusurwa ƙarƙashin rumfa, inda aka ture ta lokacin da ake gyaran bango, ba a kuma mayar da ita ba. Ganyen ƙasa duk ya zube. Wanda ya rage ya yi rawaya, wani da ɗigo-ɗigon baƙi, kawunan rassan sun sunkuya.

"Wallahi Iya ban taɓa fashi ba," in ji jikarta, muryarta na rawa. "Safe da yamma nake ba shi ruwa. Da na ga yana yaushi ma sai na ƙara."

"Na sani, 'yar nan. Miƙo min kujera."

Ta zauna gaban tukunyar, ta cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Ƙasar ta yi sanyi, ta yi caɓi, tana tashin wani wari mai tsami. Farantin da ke ƙarƙashin tukunyar cike yake da ruwa har ya yi gansakuka. Iya ta gane ciwon tun daga nan. Saiwa ma numfashi take yi. In ruwa ya cike duk 'yan ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa, ƙananan saiwoyi sukan ruɓe, shukar ta kasa shan ruwan da take tsaye a ciki, ganyenta ya yi yaushi irin na ƙishirwa. Mai tausayi kuwa da ya ga yaushi sai ya ɗauko buta.

Ɗanta ya leƙo ya ce, "Iya, ki bari a zubar, in kawo miki wani. Wannan ai ya gama."

Ba ta ce masa komai ba. Ƙanwarta ce ta dasa shi daga ɗan reshe shekaru kaɗan kafin rasuwarta, kuma ba maganar da Iya ke son buɗewa ba ce da safiyar nan. Ta sa farce ta kankare ɓawon wani reshe: ruwan ƙasa, busasshe. Ta sauka ƙasa kaɗan, haka. Sai a reshe na uku, kusa da gindi, farcenta ya tono kore mai danshi.

"Da ransa," ta ce.

Abin da ta yi ranar bai taka kara ya karya ba. Ta sa aka zare farantin, aka ɗora tukunyar kan bulo biyu. Ta zura tsinke ta buɗe ramin gindin tukunyar da laka ta toshe, baƙin ruwa ya yi ta ɗiga. Ta tsince ganyen mai ɗigon baƙi, na jikin reshe da wanda ya zuba, ta sa aka kai shara, domin cutar a jikin ganyen take kwana, kuma fantsamar ruwa ce ke kai ta kan lafiyayye. Busassun rassan ta datse su da almakashi har inda cikin ya nuna fari. Sannan ta hana ruwa.

Wannan hanin shi ya fi yi wa yarinyar wuya. Kullum da safe sai ta zo da buta ta tsaya.

"Sa yatsanki tukuna. Me kika ji?"

"Da danshi."

"To mayar da butar."

Sai da saman ƙasar ya bushe kimanin santimita 5 sannan Iya ta karɓi butar da kanta. Da sassafe ne. Ta zuba a gindi a hankali, ba ta bar ko ɗigo ya taɓa ganye ba, ta dakata ƙasar ta shanye, ta ƙara, har ruwan ya ɓullo ta ƙasan tukunyar. Daga nan ba ta tsayar da ranar ban ruwa ba. Yatsa ke faɗa. In an yi zafi da iska ƙasar kan bushe da wuri, in gari ya yi lumshi takan daɗe.

Maƙwabciyarta ta shigo duba ta, ta ga tukunyar, ta ce a zuba taki mai yawa a fitar da ita tsakiyar rana, wardi ai ɗan rana ne. Gaskiyarta ta wani gefen: wardi na son rana kamar awa 6 a yini. Amma Iya ta girgiza kai.

"Wanda ya tashi daga jinya ba a ɗora masa kaya ranar da ya miƙe. Taki zai ƙone 'yar saiwar da ta rage. Ganyen nan kuma a inuwa ya saba, in kika kai shi rana gaba ɗaya, kafin la'asar ya soye."

Ta sa aka shimfiɗa tsohon buhu ƙarƙashin bulon, yadda za a iya jan tukunyar ba sai an ɗaga ba. Ta yi kwana biyu tana kallon yadda inuwar rumfar ke tafiya, tana ja wa ƙasa layi da bakin sandarta. Sannan suka ja tukunyar kamar tsawon tafin hannu zuwa gabas, inda hantsi ke taɓa ta na awa guda. Bayan 'yan kwanaki suka ƙara jan ta kamar haka. Ranar safe take nema masa, don ita ce ke busar da raɓa daga ganye da wuri, kuma ba ta da zafin ta azahar. Sau ɗaya gefen wasu ganye ya ƙone ya yi ƙamas, sai ta sa aka mayar da tukunyar baya kaɗan, ta bar ta nan mako guda kafin a sake matsawa.

Makonni suka wuce, wardin na tsaye kamar ƙirare, har ganye biyu suka ƙara faɗuwa. Ɗanta ya daina magana a kai, don tausayi. Ita kuwa kowace safiya sai ta sunkuya ta duba idanun reshen, 'yan ƙululun nan da ke saman inda ganye ya taɓa fita.

Yarinyar ce ta fara gani. Ta shigo ɗaki a guje.

"Iya, wani abu ja ya fito! Ko wata cutar ce?"

Iya ta fito ta duba, ta yi dariya har da hawaye. "Toho ne. Sabon ganyen wardi da ja yake fitowa, sai ya girma yake komawa kore."

Toho ɗaya ya zama huɗu. Da ganye ya yawaita ƙasar ta riƙa bushewa da wuri, domin yanzu akwai mai sha, sai ruwan ya ƙaru da kansa ba tare da an sauya ƙa'ida ba. A lokacin ne Iya ta yarda aka barbaɗa ɗan ruɓaɓɓen taki a sama, nesa da gindi. Tukunyar kuma ta kai wurin da rana ke samunta daga fitowarta har kusan azahar, bango ya kare ta da yamma.

Da ƙullin fure na farko ya bayyana, Iya ta sa yatsu biyu ta tsinke shi. Yarinyar ta yi ƙara.

"Haba Iya! Duk wahalar nan?"

"Fure ƙarfi yake ci, 'yar nan, shi kuwa bai gama gyara ƙasansa ba. Bari ya yi saiwa. Na gaba naki ne."

Na gaban ya zo bayan wasu makonni, ƙulli uku, kowanne a reshensa. Furen da ya fara buɗewa bai kai girman na da ba, amma ƙamshin na nan yadda Iya ta san shi. Ta miƙa wa jikarta almakashin, ta kama hannunta ta sauke shi ƙasa kan reshen.

"Ba nan ba. Nemi ganye mai 'ya'ya biyar, wanda ke kallon waje. Yauwa. Yanka sama da shi kaɗan, a karkace. Daga nan sabon reshe zai fito. Sauran biyun ki bar su, in sun bushe ki yanke su haka."