Jadawalin kula da gininmu na 2026: janareto, famfuna, rufi da fenti

Daga mai kula da gini, zuwa ga kwamitin masu gini, da bakaniken janareto, da mai gyaran famfo, da kafinta, da mai fenti, da masu gadi biyu.

Wannan ne tsarin da za mu bi daga Janairu zuwa Disamba a ginin ofisoshi mai hawa uku. Kwafi ɗaya zai zauna a ɗakin janareto, ɗaya a ofishina. An jera ayyukan ne bisa abin da dole ya riga wani: sai an gyara rufi bango zai bushe, sai bango ya bushe a yi fenti, kuma ba a taɓa babban janareto sai an tabbatar ƙaramin yana tashi. Wanda yake son a ɗaga masa rana ya faɗa mini da sati biyu, domin ɗaga aiki ɗaya yakan ture na wani.

Littafin aiki

Kowane sashe yana da littafinsa. A rubuta rana, da abin da aka gani, da abin da aka yi, da lambar da mita ta nuna, a sa hannu. Aikin da babu shi a littafi zan ɗauka ba a yi shi ba, kuma ba zan sa hannu a takardar biyansa ba. "Lafiya lau" ba rahoto ba ne. Lamba nake so.

Janareto

Muna da biyu, duka na dizal: babba mai 100 kVA na rana, da ƙarami mai 30 kVA na dare da ranakun hutu. Da mitar awa ake yi musu sabis, kalanda tana taimakawa ne kawai. Babban yana kan awa 6,140 a yau, kuma yana cin kamar awa 150 a wata. Za a juye baƙin mai a sake filtarsa duk awa 250, a sake filtar dizal duk awa 500. Idan wutar gari ta ci gaba yadda take, awa 6,250 za ta faɗo ƙarshen Janairu, 6,500 tsakiyar Maris, 6,750 farkon Mayu, 7,000 ƙarshen Yuni, haka nan duk bayan sati bakwai. Waɗannan kiyasi ne. Mai gadin safe zai sanar da ni idan saura awa 30, ni kuma in kira bakanike. A awa 7,000 za a duba saitin bawul da bel da tiyoyin ruwa. Ƙaramin ba ya cika awa 250 da wuri, saboda haka a juye masa mai a Maris da Satumba ko mita ba ta kai ba, don mai yana lalacewa ko a zaune.

Kowace safiya kafin a tayar: a duba baƙin mai da sanda, a duba ruwan lagireto inji yana sanyi, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Bayan an cire lodi, a bar shi ya yi minti biyar yana juyawa kafin a kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne kunna babban da dare saboda fitilun harabar gida da famfo ɗaya. Lodin dare bai wuce 12 kVA ba. Injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ragowar ta taru a salansa, ta riƙa fitowa baƙa mai danƙo, inji ya dinga rasa ƙarfi. Wannan lodin a kan ƙaramin kashi 40 ne, daidai da shi. Don haka daga ƙarfe bakwai na yamma ƙaramin ne zai ɗauka. Duk satin da ɗayansu ya zauna bai yi aiki ba, a tayar da shi na rabin awa da lodi a kai.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana da yawa, filtar iska za a duba ta duk sati, sauran watanni sau ɗaya a wata. A Fabrairu, kafin zafi ya kankama, a wanke ragar lagireto a sake ruwansa, tunda na ciki ya kai shekara biyu. Ruwan sanyaya inji na gaske za a zuba, ba ruwan famfo zalla ba. Batirin babban zai cika shekara uku a Afrilu, a sake shi a watan ba tare da jiran ranar da zai ƙi tashi ba. Kafin nan a gwada shi duk wata: cikakken batir mai 12 V da ya huta yana nuna wajen 12.6. Tankin dizal kuwa, a tsiyaye ruwan da ke kwanciya a ƙasansa duk wata, a damina duk sati biyu. A Oktoba mai aikin lantarki zai ɗaure wayoyin makunnin sauya wuta, ya bi bututun hayaƙi har waje. Hayaƙin da ya zurara cikin ɗaki yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Famfuna

Huɗu ne: na cikin rijiyar burtsatse, biyu masu tura ruwa sama, da ɗaya a ramin ƙasan gini mai kwashe ruwan sama.

Masu turawa sama za su riƙa karɓa-karɓa, ana juya makunni duk Litinin. Wanda aka bari zaune wata da watanni yakan cije, a gane haka ranar da ɗan'uwansa ya tsaya. Sau ɗaya a wata mai gyaran famfo zai auna wutar da kowanne ke ja, ya kwatanta da lambar da ke jikin farantinsa, ya taɓa ya ji zafi, ya saurara. Ƙara kamar ana markaɗa tsakuwa tana nufin ruwa ba ya isa bakin famfo yadda ya kamata, a duba raga da bawul ɗin shiga. Ɗigo ko ɗaya daga wajen sandar juyawa alama ce hatimin ya fara mutuwa. A Janairu da Yuli a duba iskar tankin matsi: a kashe famfo, a zubar da ruwan tankin tukuna, sannan a auna. Famfonmu yana tashi a bar 2.0, iskar ta tsaya a 1.8. Idan ta ragu, famfo zai riƙa tashi yana mutuwa a kai a kai har injinsa ya ƙone.

Na rijiya ba a fito da shi don kallo kawai. A rubuta mintin da yake ɗauka ya cika tankin ƙasa mai lita 10,000, a kwatanta wata da wata. Daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa yana ja da baya, a gwada na'urar da ke kashe shi idan rijiya ta ƙafe, domin ruwan ne ke sanyaya injinsa. Wankin tankuna da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta zai zo a Afrilu da Oktoba, ranar Asabar, tanki ɗaya bayan ɗaya, kuma masu haya su sami sanarwa da kwana uku.

Na ramin ƙasa shi aka fi mantawa da shi, tunda wata bakwai ba ya aiki. Satin farko na Mayu a kwashe laka, a zuba ruwa da tiyo har makunninsa mai iyo ya ɗaga ya tayar da shi da kansa. A maimaita duk sati biyu har ƙarshen damina.

Rufi

Faɗinsa murabba'in mita 400 ne, kwano a mafi yawansa, sai ɓangaren kankare mai shimfiɗar kwalta inda tankunan sama suke. Ruwan milimita 50 a kan wannan faɗin lita 20,000 ne, kuma ta bututu shida kaɗai zai sauka. Ɗaya ya toshe, ruwan zai nemi hanya ta bango.

Babban dubawa a satin farko na Maris, gyara ya ƙare kafin 30 ga Afrilu. Kafinta zai bi layin kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya sake waɗanda robarsu ta bushe ta tsage, ya duba tuluwar rufi da duk inda kwano ya haɗu da bango, don a mahaɗa yoyo ya fi farawa. A share indararo, a zuba ruwa a kowane bututu a ga fitarsa a ƙasa. A ɓangaren kwalta a nemi kumburi da inda baki ya ɗaye. Tabon da ke silin ɗin ofishin kusurwar gabas a hawa na uku, a shiga cikin rufi a bi sawunsa, don ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. A zana da'ira da fensir a kewayensa, mu ga ko zai faɗaɗa.

A damina ana share indararo duk wata, ana kuma hawa bayan kowace iska mai ƙarfi idan kwano ya bushe. Ruwan da ya kwana biyu a kan kankare bai tafi ba, a ɗauki hotonsa a auna faɗinsa. Dubawa ta biyu a tsakiyar Oktoba.

Ba mai hawa shi kaɗai, ba mai hawa babu igiyar ɗaure jiki. Tsani ya zarce bakin rufi da mita ɗaya, gindinsa ya ja baya mita ɗaya a kowane mita huɗu na tsayi. A taka kan layin kusoshi, inda katako yake a ƙasa. A watannin zafi a sauko kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

Fenti

Ba za mu fente ginin duka bana ba. An yi na waje a 2022, kuma bango biyu ne suka gaji: na gabas da ruwa ke duka, da na yamma da rana ta ƙoɗar. Sauran biyun wanki ya ishe su, sai 2027.

Lokacin na waje Nuwamba ne, bayan bango ya sha iska, kafin ƙura ta sauko. Tazarar gajeriya ce, shi ya sa shiri zai fara da wuri. A Satumba mai fenti ya zagaya ya yi alama a tsaga da inda fenti ya kumbura. Satin farko na Oktoba a yi facin filasta, a ba shi kwana 28. Kafin a buɗe bokiti, a liƙa leda mai faɗin taku ɗaya a bango, a rufe gefunanta da salatif, a bar ta ta kwana. Idan ta yi gumi ta ciki, a jira. Farin gishirin da ke fitowa a gindin bangon gabas a goge shi da busasshen buroshi, a gano inda damshin ke shigowa, in ba haka ba sabon fentin ma zai ɗaye. Bangon biyu murabba'in mita 360 ne. Shafi biyu za a yi, lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 a kowane shafi, a sayo lita 80 lokaci guda don kada launi ya bambanta. Mai fenti ya bi inuwa: yamma da safe, gabas da la'asar.

Ƙarafa ba za su jira Nuwamba ba. Ƙofar shiga, da ƙarfen matakala, da ƙafafun tankuna, a kankare tsatsarsu a Afrilu, a shafa maganin tsatsa a ranar da aka kankare, fentin mai ya biyo baya. Na cikin baranda da matakala sai Janairu, a ƙarshen mako, tagogi a rufe ta ɓangaren iska.

Abin da nake nema daga kwamiti

Amincewa da sayen filtocin sabis huɗu, da bel ɗaya, da hatimin famfo biyu, da makunni mai iyo ɗaya kafin 15 ga Janairu, su zauna a sito. Kuɗin rufi ya fito kafin ƙarshen Fabrairu, na fenti kafin ƙarshen Satumba. Zan kawo littattafan huɗu zaman kwamiti na Maris, Yuni, Satumba da Disamba, duk aikin da ya wuce lokacinsa da sati biyu kuma zai zo da sabuwar rana da sunan wanda zai yi shi.

Mai kula da gini
2 ga Janairu, 2026